Naƙudar Saliha a Gidan Surukai

Tun muna yara nake tsokanar Saliha da gajarta, kuma ina da ikon yi, don taubashiyata ce. Uwarta, Goggo Fadi, ƙanwar babana ce. Rugarmu ɗaya a gabas da Yekuwa, rijiyarmu ɗaya. In mun je ɗiban ruwa sai in ce mata, "Gajeriya, matsa kar guga ya tafi da ke." Ita kuma ta ce, "Saratu zangarniya, ke da kanki ke gaisawa da raƙumi." Kanta iyakar hammatata yake tsayawa. Amma fa kar ku ga ƙanƙantarta ku raina ta. Ta fi ni daka, ta fi ni tatsa, kuma in ta ɗora ƙwaryar nono ta nufi kasuwa, sai na haɗa da gudu nake cim mata.

Da girmanta ta yi aure, kuma wanda take so ta aura, Bello, dogo har ya so ya yi yawa. Cikinta na fari bai kai ba. A wata bakwai ta zagaya bayan ɗaki ita kaɗai, ta dawo da jariri a zane, ko tari ba wanda ya ji ta yi. Yaron ɗan mitsitsi ne, tafin hannu biyu sun ɗauke shi. Bai kai suna ba ya koma. Mun yi kuka, amma abin da tsofaffinmu suka riƙe daga wannan haihuwa daban ne. Suka riƙa cewa, "Kun ga ɗiyar Fadi? Ko uhum ba ta ce ba. Haka ake haihuwa." A wurinmu mace ta yi raki a naƙuda abin gori ne har jikokinta, wadda ta daure kuwa a yi ta yabonta. Saliha ta ji wannan yabo, kuma na san ya yi mata daɗi, don shi kaɗai ta samu a madadin ɗanta.

Da ta sake samun ciki, ni na matsa mata muka je awo. Sazfam ɗin likitar garin, wato ungozomar ƙaramin asibitinmu, Madam Aziza, mace ce mai magana a tsaye. Ta jingina Saliha da bango inda aka zana ma'auni, ta ɗora mata katako a ka, ta duba.

"Mita ɗaya da santi arba'in da huɗu," ta ce.

Na ce, "Madam, ƙara dubawa dai. Ina jin kin haɗa da ɗankwali."

Saliha ta kai mini duka tana dariya. Madam ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ta ko ta sha ciwo tana ƙarama. Na amsa mata, don labarin ba wanda bai sani ba: a shekarar da hatsi ya ƙi aka yaye ta, shanu suka ƙare, ta daɗe tana ja da gindi kafin ta yi tafiya. Madam ta gyaɗa kai. Ta ce yunwar ƙuruciya ba tsawo kaɗai take ci ba, har ƙashin ƙugu tana hana shi buɗewa yadda ya kamata. Ta ce gajerun mata da yawa suna haihuwa lafiya lau, gajarta ba hukunci ba ce, alama ce ta a ƙara dubawa. Sai ta shigar da ita ɗaki ta duba ta, ta fito tana wanke hannu.

"Ƙugunta a tsuke yake," ta ce mini. "Kan jariri ta tsakanin ƙashi yake bi. Nama yana buɗewa, ƙashi ba ya buɗewa. In kan ya fi ƙofar, ko ta kwana nawa tana nishi ba zai wuce ba."

"To ai ta taɓa haihuwa, Madam," in ji Saliha. "Ko wahala ban sha ba."

"Bakwaini kika haifa, 'yar'uwa. Kansa bai kai rabin aikin ba. Wannan in Allah ya kai shi wata tara, wani zance ne. Kar ki bari ya same ki a ruga. Nan ma ba ma fiɗa, sai Magaria. Ki tafi tun kafin ciwo, ki zauna kusa da asibiti. Da kin ji mara ta fara, ko faya ta fashe, ki shiga. In an ga ba zai fito ba, a yi miki aiki a ciro shi da ransa."

A duk awon da muka koma maganar ke nan. A na ƙarshe ta danna ƙasan cikin da yatsu, ta ce kan yaron yana sama yana yawo, kuma yaron ba ƙarami ba ne.

Yanzu ku saurara, don a nan mutane suke ɓata mini rai. Duk wanda ya ji labarin Saliha sai ya taɓe baki ya ce, "Ai mutanen ruga ne, ba sa jin maganar likita." Ƙarya ne! Mun ji. Bello bai yi gardama ko ta kalma ɗaya ba. Makiyayi ne, ya sha ganin ƙaramar karsana ta kasa haifar babban maraƙi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya ce a kai ta. Matsalar ɗaya, damina ba ta gama janyewa ba, shanu suna can arewa nesa da gonaki, kuma shi ke tare da su. Ya zo ya shirya komai ya koma. Ya ce a sauke ta gidan ƙanen babansa, Baffa Hambali, dillalin shanu a Magaria. Daga ƙofar gidan kana hango katangar asibiti. Kowa ya ce madalla, an dace.

Ni na raka ta. Amalanke ya fitar da mu bakin hanya, muka samu mota. Gidan Baffa Hambali ƙarami ne, na ƙasa, ƙofarsa ɗaya tal, ta cikin zaure. A zauren nan yake wuni in ba ranar kasuwa ba, shi da abokansa tsofaffi, da tabarma da butar shayi. Mutumin kirki ne, wallahi ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya sa aka share mana ɗaki, kullum sai ya aiko da nama. Amma suruki ne. Ƙanen uban miji uba ne. Saliha ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci inda zai ji motsin ƙwarya, in ta ji takunsa sai ta ja mayafi ta juya bango. Ga ciki ya fito tulu guda a ɗan jikin nan nata, tana ta ƙoƙarin ɓoye shi. In za mu je awo sai ta laɓe a bayana mu ratsa zauren. Na ce, "Yau dai tsawona ya yi miki rana." Ta mintsine ni.

Ban damu sosai ba, don akwai matar gidan, Inna Ladi, Bahaushiya mai baki, wadda ba ta san wani ɓoye-ɓoye ba. Kullum sai ta leƙo ta ce, "Amarya, ya jiki? Kar ki yi mini fulako a gida, da kin ji abu ki yi ihu."

Muna nan haihuwa ba ta zo ba, sai aka yi waya daga ruga cewa autana yana kwance da masassara har yana sanƙarewa. Dole na koma. Tsofaffi suka zauna suka ce Goggo Fadi ta je ta canje ni, wa ya fi uwa? Na ce a'a, a nemi wata. Suka ce ina da rashin kunya. Ba ƙin Goggo nake ba. Saliha 'yar farinta ce, kuma kun san yadda muke da ɗan fari. Tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "waccan" ko "yarinyar nan". A hannun kakarmu Saliha ta tashi. In suna ɗaki ɗaya, Goggo bango take yi wa magana: "A ce wa mutane fura tana nan." Tana son ta, na rantse tana son ta, na sha kama ta tana zuba mata man shanu a tuwo a ɓoye. Amma ta dube ta ta ce "me ke miki ciwo?", wannan bakinta bai taɓa koyon sa ba.

Na yi wa Goggo bayani kafin mu rabu. Na maimaita mata duk abin da Madam ta ce. Ta kau da kai ta ce, "Na ji. Ai ba yau ta fara ba." Na je na riƙe hannun Inna Ladi na ce amana. Ta ce in tafi hankali kwance.

Bayan tafiyata aka yi wa Inna Ladi rasuwa a Sassumbrum, yayarta ce ta cika. Ta leƙa ta ga Saliha tana tsintar wake lafiya ƙalau, ta ce jibi tana nan dawowa, ta hau moto ta tafi. Gidan ya rage daga uwa da 'yar fari sai suruki a bakin ƙofa.

Abin da ya biyo baya daga bakinsu na tsinto shi daga baya, guntu-guntu. Washegarin tafiyar Inna Ladi da hantsi mara ta fara. Saliha ta yi shiru. Ta ce a ranta bari ta tabbata tukuna, kar ta tayar da mutane a banza. Da azahar faya ta fashe. Ta tashi ta yafa mayafi, ta zo har bakin zaure. Tsofaffi sun cika shi, ana ta hirar farashin bijimai. Zanenta a jiƙe, ruwa yana bin ƙafarta. In za ta fita, sai ta ratsa ta tsakiyarsu a haka, ta gaban Baffa, kowa ya ɗago ya san abin da ke faruwa. Ta tsaya, ta tsaya, ta koma ɗaki. Ta ce bari su watse. Da suka watse ciwon ya kai inda ba ta iya miƙewa, kuma Baffa a zauren yake kwana in matarsa ba ta nan.

Goggo fa? Goggo ta gani. Mace mai haihuwa takwas ba a ɓoye mata naƙuda. Ta dafa ruwa, ta shimfiɗa tsumma, ta zauna a bakin ƙofa ta ba da baya, tana jan carbi. Tana jira ɗiyar ta ce a kai ta. Ɗiyar tana jira uwar ta ce tashi mu tafi. Kuma a ran Goggo, yarinyar da ta haihu ita kaɗai a bayan ɗaki, yanzun nan za a ji kukan jariri, a huta da zuwa gaban surukin ɗiyarta da irin wannan magana.

Ni kuma ina ruga raina bai kwanta ba. Ba su da salula, sai na kira ta Baffa Hambali. Ina ji ya ɗaga murya ta kan katanga: "Fadi! Saratu ce. Tana tambaya ko lafiya?"

Na ji muryar Goggo daga nesa: "Lafiya lau."

"Kin ji," in ji Baffa. "Lafiya lau suke."

A lokacin nan Saliha tana durƙushe ta ciji zane. Ta kwana a haka, ta wuni. Mahaifa tana ta turo yaro, ƙashi ya tare shi. Fitsari ya ƙi fita, ɗan kaɗan ɗin da ya zo ma da jini ya zo. Jikinta ya ɗau zafi, leɓɓanta suka bushe. Goggo ta ba ta rubutu, ta shafa mata mai a ciki, har yanzu ba tare da ta dubi fuskarta ba. Can wajen la'asar a rana ta biyu Saliha ta ji wani abu ya tsage a cikinta, zafi kamar an soka wuƙa, ta yi ƙara sau ɗaya. Daga nan naƙudar ta tsaya cak. Ta kwanta shiru.

Goggo ta ce alhamdu lillahi, ashe ba haihuwar ba ce, ciwo ne ya taso ya kwanta.

Ni abin da ya taso ni, wannan "lafiya lau" ɗin ce. Na san muryar Goggo. Da na sake kira Baffa yake gaya mini a cikin hira cewa Inna Ladi tana Sassumbrum, sai na fara shirin tafiya. Yarona ya fara shan nono, na miƙa shi ga uwar mijina, na tare ɗan kabu-kabu na ce Magaria, kar ka tsaya ko'ina. Na iso rana ta yi sanyi. Na ratsa zauren ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ji wani tsoho yana cewa, "Wannan ɗiyar wa ce?"

Na tarar da Goggo tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ce, "Ta samu barci, kar ki tashe ta."

Na shiga. Wayyo Allah. Ba barci take ba. Idonta a buɗe, fuskarta ta yi fari kamar toka, gumi mai sanyi ya jiƙa ta, numfashi sama-sama. Na ɗaga zane na ga jini, ba mai yawa ba. Na taɓa cikin, ta zabura. Cikin ya sauya fasali, kuma a ƙarƙashin fatar na ji gwiwar yaro ƙarara a hannuna, kamar ba abin da ya raba mu sai zane.

"Tun yaushe?" na ce.

"Jiya da hantsi," ta ce, da ƙyar. "Saratu, kar ki yi ihu. Baffa yana zaure."

Na yi ihu. Na yi wanda tunda aka gina gidan ba a taɓa yin irinsa ba. Na fito tsakar gida na ce, "Baffa! Ku taso! Saliha za ta mutu!" Tsofaffi suka yo ciki da gudu, wani da kofin shayi a hannu. Baffa Hambali ya tsaya a bakin ɗakin, ya ga abin da ya gani, ya dafe kai. "Fadi," ya ce, "a gidana? Ina zaune a nan? Me ya sa ba a gaya mini ba?" Goggo ta tsaya da rariya a hannu.

Ba mu jira mota ba. A tabarma muka ɗauke ta, tsofaffin nan da take ɓoye musu ciki su ne suka riƙe gefe-gefe. Ba ta da nauyi. Tafiyar ba ta kai a ce an yi tafiya ba, mun iso. Wannan kusancin shi ya fi ƙona mini rai, har gobe.

Ma'aikatan ba su ɓata lokaci ba. Suka sa mata ruwa a hannu biyu, suka ce a nemo jini. Na ba da nawa, wani ɗan Baffa da aka kirawo daga kasuwa ya ba da nasa. Suka shige da ita ɗakin aiki. Muka zauna a baranda. Goggo ta raɓe can ƙarshe ita kaɗai, ta rufe kai. Na so in je in zazzage mata duk abin da ke cikina, har na miƙe. Da na matsa na ga yadda kafaɗunta ke girgiza ba sauti, sai na kasa. Haka aka koya mata, haka aka koya wa uwarta. Na rasa wanda zan zaga, na koma na zauna ina huci.

Likitan da ya yi aikin ya fito ya ce wa ke da ita. Baffa ya sunkuyar da kai, ya nuna ni. Likitan ya ja ni gefe. Ya ce yaron namiji ne, babba, ya riga ya rasu kafin mu zo. Ya ce kan ya ƙi shiga ƙugu, mahaifa ta yi ta matsawa har ta yi siriri ta fashe, yaron ya fita cikin ciki, jini ya taru a can, shi ya sa ba mu ga da yawa a waje ba. Tsagewar ta yi muni, ba ta ɗinkuwa. Sun cire mahaifar don su tsayar da jini.

"Za ta rayu, in Allah ya so," ya ce. "Amma ba za ta ƙara ɗaukar ciki ba. Ku bari ta yi ƙarfi kafin a gaya mata. Da jiya kuka kawo ta, aiki ne mai sauƙi."

Na ce na sani.

Baffa da abokansa suka kai yaron makwanci. Bello ya iso washegari da ƙurar hanya a jikinsa, na tare shi a waje na gaya masa duka. Ya tsuguna a gindin bishiyar bedi ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi ya ce kar wanda ya gaya mata zancen mahaifa, shi zai faɗa da bakinsa in sun koma gida. Na ce to.

Sai a rana ta uku ta dawo hayyacinta sosai. Ta san yaron bai zo da rai ba, wannan ba ya ɓoyuwa. Ina ba ta kunu a cokali, ga robar fitsari a rataye a gefen gado, ga ta 'yar ƙarama a tsakiyar katifa. Goggo tana zaune a ƙasa wajen ƙafafunta, ta ba da baya kamar kullum, amma hannunta ɗaya yana cikin zane yana riƙe da diddigen ɗiyarta.

"An ce namiji ne," in ji Saliha.

"Namiji ne."

"Dogo?"

"Dogo. Ubansa ya biyo."

Ta rufe ido, hawaye suka gangara cikin kunnenta. Na goge mata. Sannan ta kamo yatsana.

"Saratu, ki daina fushi da ni. Na ji jiki, na gane. Madam ta yi gaskiya." Ta matse yatsan. "Wani karon ba zan sauka gidan kowa ba. A barandar nan zan shimfiɗa tabarma tun wata takwas, ke ce za ki zauna da ni. Ciwon farko zan faɗa, ko a gaban wa. Su yanka ni su ciro shi, ba komai. Kin yarda za ki zo?"

Na dubi Goggo. Ba ta juyo ba, amma na ga bayanta ya sandare. Ita ma ta sani.

"Saratu? Za ki zo?"

Na ɗebo kunu, na cika cokalin har ya zuba a zanen gado.

"Buɗe baki," na ce. "Yana hucewa."